Ɗanyar ayaba ta ƙi nuna, agada kuma tana neman wucewa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan abu biyu masu karo da juna. Ina da ɗanyar ayaba gungu uku, ƙwara 42 gaba ɗaya, kore shar, yau kwana huɗu ko alamar sauya launi ba ta yi ba. So nake ta nuna nan da kwana huɗu ko biyar. Ga kuma agada ƙwara 14 da ta riga ta zama ruwan ɗorawa, uku ma sun fara ɗigon baƙi, ita kuma so nake ta kai mini mako guda ba ta yi tiɓis ba. Duk a kicin suke, agadar a cikin leda a kan kanta, ayabar a buɗe a faranti. Kicin ɗin akwai zafi, da rana yakan kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas.

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin yi musu musanyar wuri. Wadda ya kamata a rufe ita kika bari a buɗe, wadda ke bukatar shan iska ita kika ƙulle a leda. Kafin komai ki tashi ki fitar da agadar nan daga leda yanzu, ki fita da ita daga kicin.

Dalili shi ne, ayaba da agada idan suka fara nuna suna fitar da wata iska mara launi da ake kira etilin. Ita ce ke tayar da nunar, kuma da zarar ƙwara ta shaƙe ta sai ita ma ta fara fitar da tata. Shi ya sa ƙwara ɗaya nunanniya take jan sauran gungun. Mai son ayaba ta yi sauri, tara mata wannan iska zai yi. Mai son agada ta jinkirta, kore mata ita zai yi, ya kuma rage mata zafi.

Amma kafin mu je ga kwali, amsa mini biyu. Ayabar ta ƙosa kuwa? Sannan ta taɓa kwana a firij?

Maman Ilham:
Na fitar da agadar, Baba, ledar duk ta yi gumi a ciki. Ayabar ba ta shiga firij ba. Ta yaya zan gane ta ƙosa, tunda duk kore ce?

Baba Mai Lambu:
Ƙosawa daban, nuna daban. Ki ɗauki ƙwara ɗaya daga tsakiyar gungu ki shafa jikinta. Wadda ba ta ƙosa ba tana da kusurwoyi masu kaifi daga sama har ƙasa, gefenta a shafe, siririya. Wadda ta ƙosa ta cika ta yi ɓul-ɓul, kusurwoyin sun dakushe. Idan kina shakka ki yanka guda ɗaya a tsakiya ki dubi bakin yankan. Ƙosasshiya kusan zagayayya ce, naman ya yi yawa, ɓawon bai yi kauri ba, launin naman kuma ya ɗan karkata daga fari fat zuwa ruwan madara. Wadda aka sare da wuri ɓawonta kauri ne da shi, naman kaɗan ne kuma fari tas.

Wannan na da muhimmanci domin zaƙin ayaba daga sitacin da ta tara a kan uwarta yake fitowa. Ɗanya ƙosasshiya kusan kashi ɗaya cikin biyar na namanta sitaci ne, idan ta nuna sosai sai ya koma sukari, ya rage ɗan kaɗan. Wadda aka sare ba ta tara ba, ko kin matsa mata ta sauya launi, za ki same ta salam, da bauri, ɓawon ya yamushe. Babu dabarar da ke gyara wannan.

Anti Hajara:
Maman Ilham, abin ba shi da wahala. Ki zuba ayabar a baƙar leda, ki jefa tumatir nunanne biyu ko tuffa ɗaya, ki ɗaure bakin tamau yadda iska ba za ta fita ba, ki ajiye inda rana ke bugawa. Zafi da rufi su ne maganinta. Kwana biyu ta yi laushi. Agada kuma ki tura ta firij kawai.

Malama Rabi:
Anti, batun tumatir da tuffa gaskiya ne, dukansu suna fitar da etilin. Haka fiya da mangwaro nunannu. Lemo da abarba kuwa kusan ba sa ba da komai, kada a ɓata lokaci da su. Amma leda ɗaurarriya da rana, a nan na saɓa miki.

Ayaba rayayyiya ce ko bayan an sare ta, numfashi take yi. Tana shaƙar iskar da muke shaƙa, tana fitar da wadda muke fitarwa, da tururin ruwa, da zafi. A cikin leda ɗaurarriya iskar kirki takan ƙare, gurɓatacciyar ta taru, ita kuma wannan gurɓatacciyar tana danne aikin etilin. Wato kin tara mata abin nuna kin kuma tara mata abin hana nuna a wuri guda. Idan aka daɗe, naman yakan fara tsami, ki buɗe ki ji wari kamar na abin da ya ruɓe ya yi barasa. Gumin da ke kwanciya a jikin leda kuma shi ke kawo fumfuna a kan gungun, wurin da aka yanke.

Rana kuma ita ce ta fi ɓarna. Laushin da kika ce tana yi a kwana biyu gaskiya ne, amma laushin dahuwa ne. Irin doguwar ayabar nan da aka fi sayarwa ko'ina a duniya, idan zafi ya haura digiri 25 namanta yakan yi laushi ya yi zaƙi amma ɓawon ya ƙi barin kore. Mutum na jiran rawaya, ciki ya riga ya wuce. Shi ya sa manyan ɗakunan nunar da ayaba suke riƙe ta tsakanin digiri 14 zuwa 18, su sa mata etilin ɗan kaɗan, kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, na awa 24 zuwa 48, da danshi mai yawa, sannan su riƙa sauya iskar ɗakin. A haka take nuna cikin kwana huɗu zuwa takwas, launi ya fito tas.

Anti Hajara:
To Malama, wa ke da ɗakin digiri 18 a gida? Kuma ai mutane na yi da leda tana nuna.

Malama Rabi:
Tana nuna, Anti, musamman idan ledar ba ta ɗauru sosai ba ko ta huje. Abin da nake cewa shi ne caca ce, wani lokaci a samu, wani lokaci a yi asarar gungu. Idan leda ce kawai a hannu, a huda ta wuri takwas ko goma da kan biro, kada a ɗaure bakin, a naɗe shi kawai, a ajiye a inuwa. Ba sai an kai digiri 18 ba. Ko daga 32 aka sauko zuwa 26, an rage ɓarna sosai.

Maman Ilham:
Na yanka ɗaya daga kowane gungu. Biyu zagayayyu ne, naman ruwan madara. Na ukun kusurwarsa da ɗan kaifi, amma ba sosai ba. Yanzu saura 39. Ku ba ni matakan ɗaya bayan ɗaya don Allah.

Baba Mai Lambu:
Madalla. Ki samo kwali mai tsabta, busasshe, wanda ayabar za ta cika kusan kashi biyu cikin uku nasa. Idan ya yi girma da yawa iskar takan baje ba ta yi ƙarfi ba, idan ya matse kuma ayabar ta ƙuje. Ki shimfiɗa takarda a ƙasa. Kada ki ɓalle ƙwayoyin, ki bar su a gungunsu, ki kifa kowane gungu yadda nauyin zai zauna a kan kai da bakin ƙwayoyin, kada ya kwanta a kan cikinsu. Kada ki ɗora gungu a kan gungu fiye da hawa biyu. Idan da ruwa a jikinsu ki goge su bushe tukuna.

Abin tayarwa kuma yana hannunki. Agadar nan uku da suka fara ɗigon baƙi, su ne za ki sa a tsakiyar kwalin, ɗaya kusa da kowane gungu. Ƙiyasin da ake bi a gida shi ne nunanniya ɗaya ga ɗanye goma ko ƙasa da haka, don haka idan kina da tuffa ki ƙara ɗaya. Kin ga kin raba masu ja daga sauran agadar, kin kuma sa su aiki. Sai dai ki sani su ukun nan za su ƙara gudu a cikin kwalin, bayan kwana biyu ki fitar da su ki yi amfani da su.

Ki rufe kwalin, ki toshe manyan ramukan hannu da takarda, amma kada ki like shi da salatif. Kwali da kansa yana numfashi, shi ya sa ya fi leda. Ki kai shi ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da bangon da rana ke dukansa, nesa da murhu da bayan firij. Kullum sau ɗaya ki buɗe na minti biyar zuwa goma iska ta sauya, ki taɓa takardar, idan ta jiƙe ki canja.

Awa 48 sun isa a tayar da ita. Alamar farko ba launi ba ce. Za ki ji cikin kwalin ya yi ɗumi, ƙamshi ya fara tashi, koren ya dushe ya yi haske, idan kika danna kusa da wuyan ƙwara a hankali za ki ji ta ɗan ba da kai. Da kin ga haka ki cire agadar, ki bar murfin a buɗe rabi. Daga nan da kanta za ta ƙarasa, yawanci kwana biyu zuwa uku.

Auwal Ƙarami:
Me ya kawo wannan doguwar hanya, Baba? Ai akwai kabayid. A ƙulle ɗan guntu a takarda a jefa a kwali, washegari ta yi rawaya gaba ɗaya. Ko kuma a sa ta a oben minti ashirin, na ga ana yi.

Baba Mai Lambu:
Ɗana, kabayid kam a'a, kuma ina roƙon kada kowa ya gwada. Idan ya haɗu da danshi wata iska yake fitarwa, asitilin, wadda masu walda ke ƙonawa. Tana kwaikwayon etilin, shi ya sa ɓawo ke sauya launi. Amma kabayid ɗin da ake samu na masana'anta ne, yana ɗauke da dattin asanik da fosfaras, masu guba. Iskar kuma tana kama wuta, a rufaffen wuri tana iya fashewa. Ƙasashe da yawa sun haramta nunar da 'ya'yan itace da shi saboda haka. Ga shi kuma sau da yawa ɓawo ne ke riga nama, a ga rawaya a waje, a ɓare a ji tauri da bauri.

Malama Rabi:
Oben kuma dafawa ce, Auwal, ba nunarwa ba. Ɓawon zai yi baƙi ƙirin, naman ya yi laushi, amma aikin mayar da sitaci sukari kwanaki yake ci, kuma zafin oben kashe shi yake yi. Idan ayabar ta riga ta yi rawaya ana son a dama ta a ƙullu, oben zai taimaka. Ɗanya shar kuwa, dafaffiyar ɗanya za ka samu.

Auwal Ƙarami:
Na ji, na janye maganar kabayid. Ban san da batun gubar ba. To hayaƙi fa?

Baba Mai Lambu:
Hayaƙi yana aiki, domin akwai etilin a cikinsa. Matsalarsa ba a iya auna shi, yana zuwa da zafi, yana dusar da launin ɓawo, wani lokaci warin ya kama. Ga ƙwara 39 a cikin gida bai cancanci wahalar ba.

Maman Ilham:
Kwali ya shiga ɗaki. Yanzu saura agada 11. Firij ɗin da Anti ta ce fa?

Malama Rabi:
Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Agadar da ta yi rawaya ta riga ta kama hanya, ba a tsayar da ita, sai dai a rage mata gudu. A zafin digiri 31 kwana uku zuwa huɗu ne tsakaninta da baƙi. Abin da ke taimakonki shi ne agada ta fi ayaba sitaci kuma a hankali take sakinsa, don haka ko ɓawon ya yi baƙi rabi, naman yakan kasance da ƙarfinsa. Kada launin ɓawo ya tsorata ki, yatsa ne alƙali.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne zafi. A ƙiyasi, duk digiri 10 da aka rage, saurin numfashinta yakan ragu kusan rabi. Inda ta fi so shi ne digiri 13 zuwa 14. Ƙasa da 13 sanyi ke fara yi mata illa, firij na gida kuwa wajen digiri 4 yake. To ga yadda illar take: ƙwayoyin ɓawo suna lalacewa, ya dushe ya yi toka-toka, daga baya ya yi baƙi. Idan ɗanya ce aka sa, shi ke nan, ko an fitar da ita ba za ta nuna daidai ba, za ki ga jirwaye ruwan ƙasa a ƙarƙashin fatar ɓawon, naman ya ƙanƙare. Wannan ne ya sa Baba ya tambaye ki ko ayabar ta kwana a firij. Amma wadda ta riga ta nuna, ɓawon ne ke baƙi, naman yana riƙewa kwana huɗu zuwa biyar lafiya.

Don haka ni raba su zan ce ki yi gida uku bisa ranar amfani. Huɗu da suka fi laushi, na kwana biyu masu zuwa, su zauna a waje. Huɗu na tsakiya su shiga firij yau, a aljihun ƙasa na kayan lambu inda sanyi bai kai na sama ba, kowace a naɗe da takarda, kada su taɓa bangon baya. Uku da suka fi tauri su yi kwana ɗaya ko biyu a waje a wuri mai sanyi, sannan su bi sahu.

Baba Mai Lambu:
Malama, a kan na tsakiyar nan ina da ja. Rawaya iri-iri ce. Akwai agadar da ɓawonta ya yi rawaya amma bakinta da wuyanta da sauran kore, ciki kuma sitaci ne zalla. Agada ba kamar doguwar ayaba ba ce, ko a zafi tana sakin korenta da wuri, don haka launi yakan riga zaƙi. Idan aka sa irin wannan a firij, nunar takan tsaya cak, a fitar da ita a ga tsakiyarta ta yi tauri, zaƙin bai zo ba. Ni ba na cewa a sa sai ta kai daidai yadda ake son cin ta, wato rawaya har baki, da ɗigon farko, tana ba da kai idan an danna.

Malama Rabi:
Na yarda da batun mai koren baki, Baba, ita kam kada ta shiga. Amma jiran ɗigo a ɗaki mai digiri 31 yana cinye kwana ɗaya cikin kwanakin da take nema. Idan ta yi rawaya har baki ni ina ganin ta isa, musamman ga wanda ba ya son ta da zaƙi sosai.

Baba Mai Lambu:
To wannan ya koma ga abin da mai ita ke so. Mai son zaƙi ya jira ɗigo, mai son ta da ɗan ƙarfi ya bi Malama. 'Yata, ki gwada biyu haka biyu haka, bakinki zai raba mana gardama.

Yaya Sabi'u:
Ni abin da na sani shi ne a sa agada a leda mai kauri, a jefa ɗan ƙullin sinadarin nan mai launin shunayya da ke shanye etilin, famanganet, a ɗaure. Tana yin mako biyu zuwa uku ba ta motsa ba. Me ya sa ba wanda ya ambata?

Malama Rabi:
Yaya, hanyar gaskiya ce, amma ta ɗanyar agada ce wadda ba ta fara komai ba. Ɗanya numfashinta a hankali yake, etilin ɗinta ɗan mitsitsi ne, sinadarin yana iya shanye shi, raguwar iska a ledar kuma tana ƙara kwantar da ita. Ta Maman Ilham ta yi rawaya, numfashinta ya ninka sau da yawa, etilin da take fitarwa ya fi ƙarfin ƙullin. A leda za ta cinye iskar cikin sa'o'i, ta yi gumi, ta fara tsami. Ko ga ɗanyar ma, sinadarin ba ya taɓa jikin agada, a wani ƙulli daban yake zama, domin yana ƙuna kuma ba a cin sa.

Yaya Sabi'u:
Af, ban lura ta riga ta yi rawaya ba. To na fahimta.

Anti Hajara:
To naɗe kan gungun da leda ko takardar gwangwani fa? Wannan kam yana ƙara kwana biyu, an ce daga nan iskar ke fita.

Baba Mai Lambu:
Etilin daga naman ƙwarar yake fitowa, ya ratsa ɓawon ko'ina, ba ta kai kaɗai ba. Don haka toshe kai ba ya toshe shi. Abin da naɗin ke yi, a ganina, shi ne rage bushewar wurin yankan da hana ƙananan ƙudaje sauka. Bushewa kuwa tana gaggauta nuna, wataƙila daga nan ne ake ganin ɗan bambanci.

Anti Hajara:
Ko ma daga ina ne, Baba, bambancin ana ganinsa.

Malama Rabi:
Ba ya cutarwa idan kan a bushe yake lokacin naɗin. Idan da danshi, fumfuna aka rufe a ciki. Ni ba zan dogara da shi ba, amma ba zan hana ba.

Abin da ya fi shi tabbas ga waɗanda ke waje: a raba su ɗaya-ɗaya da wuƙa, a bar wa kowace wuyanta, kada a fizge, domin ɓawon da ya yage wurin shigar ruɓa ne kuma rauni yana ƙara etilin. A jera su a kan raga ko kwando mai ramuka, tazarar yatsu uku tsakani, inda iska ke wucewa, ba rana. Kada su haɗa ɗaki da kwalin ayabar, ko tumatir, ko tuffa. Idan iskar wurin busasshiya ce, a kifa musu kwando a yafa jiƙaƙƙen buhu a kai, ba tare da ya taɓa su ba. Bushewar ruwan tana sauke zafi da 'yan digiri. Idan kuwa iskar da ma mai laima ce, wannan ba ya aiki, fumfuna kawai zai jawo.

Duk wadda aka ga ba za a kai gare ta ba, firiza. A ɓare, a yanka, a ɗan yayyafa ruwan lemon tsami don kada ta yi duhu, a jera a faranti ta daskare, sannan a juye a leda a matse iskar. Tana yin wata biyu zuwa uku. Kada a daskarar da ita da ɓawonta, ɓarewar takan zama aiki. Kuma a dafa ta daga daskarewar kai tsaye, idan aka bari ta narke takan saki ruwa ta yi laɓo-laɓo.

Maman Ilham:
Ga labari bayan kwana uku. Jiya na cire agadar uku daga kwali kamar yadda Baba ya ce. Gungu biyu suna ƙamshi kuma sun yi laushi, amma launin bai yi rawaya sosai ba, kore-kore ne mai haske. Na ukun, mai kusurwa, yana nan da taurinsa. Sannan akwai wani farin abu kamar auduga a kan ɗaya daga gungun. Ɗakin da suke digiri 28 ne da rana. Agadar firij ɓawonta ya fara duhu amma da ƙarfinta. Cikin na waje akwai ɗaya mai baƙin tabo da ya lotsa.

Baba Mai Lambu:
Gungu biyun nan sun nuna, kada ki jira rawaya. Abin da Malama ta faɗa ne tun farko, a digiri 28 koren ba ya gama fita. Ki ɓare ɗaya. Idan ɓawon ya saɓule ba gardama, ba ya manne wa nama, ba bauri a harshe, to ta yi. Ki fitar da su daga kwali yau, ki baza su a iska, domin daga yanzu su ma jinkiri suke bukata.

Farin abin fumfunar kai ce, danshin kwalin ya yi yawa. Ki sa wuƙa mai tsabta ki yanke kan gungun ki jefar, ki raba ƙwayoyin. Ki dubi wuyan kowace: idan wuyan da ƙarfinsa kuma ba baƙi, lafiya. Wadda baƙin ya gangaro wuyanta ya yi laushi, ki ɓare ki duba, idan ya shiga nama ki zubar.

Na ukun kuma ki canja masa busasshiyar takarda, ki koma da shi ƙaramin kwali ko jakar takarda, ki sa masa ƙwara biyu daga waɗanda suka nuna. Wanda bai gama ƙosawa ba yana jinkirin amsawa, ki ba shi ƙarin kwana biyu zuwa uku. Zai nuna, amma ba zai kai na farkon zaƙi ba. Idan bayan kwana biyar ɓawon ya fara yamushewa alhali yana kore, to ya tsaya, dafawa ce ta rage masa.

Malama Rabi:
Tabon agadar kuma ki bambance. Ɗigon nuna ƙanana ne, ruwan ƙasa, a warwatse, ba sa lotsawa. Wanda ya yi faɗi, ya yi baƙi, ya zurma ciki, wani lokaci da ɗan jaja-jaja a tsakiyarsa, wannan ruɓa ce, kuma tana yaɗuwa. Ki ware ta yanzu, ki ɓare. Idan naman ƙarƙashin tabon fari ne da ƙarfi, ki yanke wurin da ɗan faɗi ki dafa sauran yau. Idan ya yi ruwa ko yana warin tsami, ki zubar da ita duka, ki goge kwandon kafin ki mayar da sauran.

Maman Ilham:
Na ɓare ayabar, ta yi zaƙi, ba bauri. Agadar mai tabo naman lafiya ne, na yanke wurin. Ta firij fa, in fitar da ita ta sha iska kafin amfani?

Malama Rabi:
Ki fitar da wadda za ki dafa kawai, ki dafa a ranar. Da zarar ta bar sanyi ɓawon yakan yi gumi ya ƙarasa baƙi cikin sa'o'i, naman kuma ya saki da sauri, don haka kada ki riƙa fitarwa kina mayarwa. Yau kwana uku ke nan a ciki. Ki danna su gobe da jibi, wadda kika ga ba za ki kai gare ta ba zuwa kwana na biyar ki ɓare ta ki kai firiza. Ki kuma faɗa mana wace ta fi, wadda ta shiga da ɗigo ko wadda ta shiga ba ɗigo, don ni da Baba har yanzu ba mu daidaita ba.